Zanen ya yi kyau, amma wannan ba Baba ba ne

A shagonmu na buga takardu da hotuna nan Damagaram, aikin da ya fi shigowa a ƴan shekarun nan, bayan katin biki da kalanda, shi ne mayar da hoto zane. Mutum zai kawo hoton mahaifinsa ko na amarya, ya ce a yi masa shi kamar an zana da fensir, ko kamar fentin mai, ko irin na katun da yara ke kallo, a buga, a sa cikin gilashi a rataye a falo. Manhajojin da ke wannan aiki sun yi yawa, kuma kusan duk wanda ya shigo tambayarsa ɗaya ce, wacce manhaja ce ta fi? Ni kuwa abin da na gani da idona shi ne, yawancin ayyukan da suka lalace tun kafin a buɗe manhajar suka lalace. Hoton da aka ba ta ne bai ɗauko mutumin ba.

Kafin babbar sallar da ta wuce wani matashi ya zo daga unguwar Birni, yana so a yi wa mahaifinsa zane na santimita 30 a 40. Dattijo ne mai tsagar Barebari a kumatu, layuka sirara da tsufa ya fara dusar da su. Saurayin ya riga ya gwada da kansa a waya, ya miƙo mini yana cewa, "Malam, duba mini wannan. Kowa ya ce ya yi kyau, amma Hajiya ta kalla ta ce wannan ba Baba ba ne." Gaskiyarta. Dattijo ne kyakkyawa da farin gemu da rawani, irin wanda za ka iya cewa kakan kowa ne. Tsagar ta ɓace, idanun sun ƙara girma, hancin ya miƙe. Na ce ya nuna mini hoton da ya ba manhajar.

Kafin in faɗi abin da na gani, ya kamata a san yadda waɗannan manhajoji ke aiki, ko da a taƙaice. Dabarar ta fito fili ne a 2015, lokacin da masu bincike uku a Tübingen ta Jamus, Gatys da Ecker da Bethge, suka nuna cewa na'ura na iya raba abin da ke cikin hoto da salon da aka zana shi, ta ɗauki siffar wannan ta lulluɓe ta da salon wancan. A 2016 manhajar Prisma ta kawo abin cikin wayar kowa. Na yanzu sun wuce nan, domin ba fenti suke shafa wa hotonka ba, sabon hoto suke zanawa, naka kuwa jagora ne kawai. Sun koyi fuska daga ɗimbin hotunan mutane, saboda haka duk inda hotonka ya yi shiru, ba za su bar wurin fanko ba, za su cike shi da abin da suka fi sabawa da gani. Inda hoton ya nuna ƙarara cewa ga ido, ga tsaga, ga lanƙwasar leɓe, sai su bi. Inda ya yi duhu ko ya dushe, sai su yi ƙage. Kuma ƙagen nasu mai kyau ne, shi ya sa ba a saurin gane shi. Mai zane da hannu ma haka yake yi in ka ba shi hoto maras kyau, sai dai shi yana iya tambayarka.

Hoton da saurayin ya yi amfani da shi na ranar salla ne, an ɗauke shi a filin ƙofar fadar Sarkin Damagaram, mutum goma sha ɗaya a jere, Alhaji a tsakiya. A waya hoton tas yake. Na buɗe bayanansa na ga 1600 a 1200. Waɗannan lambobi adadin ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka yi hoton ne, abin da ake kira fiksel, 1600 a kwance, 1200 a tsaye. Da ganin 1600 na san ta WhatsApp ya biyo, domin in aka tura hoto ta hanyar da aka saba, manhajar na rage dogon gefensa zuwa wajen nan don ya yi sauƙin tafiya. Wayar da ta ɗauka mai megafiksel 12 ce, wato asalin hoton 4000 a 3000 ne. Daga ɗigo miliyan 12 an dawo ƙasa da miliyan 2.

Amma girman hoton gaba ɗaya ba shi ne abin dubawa ba, kuma nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Abin ƙirgawa shi ne ɗigon da suka faɗa kan fuskar. Na yanko fuskar Alhaji daga kunci zuwa kunci, na samu ɗigo 70. Faɗin fuskar babban mutum wajen santimita 15 ne, ke nan kowane ɗigo ɗaya ya rufe kimanin milimita 2 na fatarsa. Tsagar kumatunsa faɗinta bai wuce haka ba. Ido kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na faɗin fuska, wato ɗigo 14. Sannan tsarin JPEG, wanda da shi ake matse hotuna, yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a 8, in matsin ya yi ƙarfi sai ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ke cikin kowane gida. Idon Alhaji bai cika gida biyu ba. Tsagar kuwa ba ta iso wayar ɗansa ba ma, balle manhaja ta gan ta.

Yawancin manhajojin nan suna aiki ne a kan hoto na 512 ko 1024 a kowane gefe. In ana son kai da kafaɗa su cika 1024, fuskar za ta ci wajen ɗigo 400. Daga 70 zuwa 400 an ninka kusan sau shida a kwance, sau shida a tsaye, in ka lissafa faɗi da tsawo ya kama kusan ninki 33. Ma'ana cikin kowane ɗigo 33 na fuskar da ta fito, ɗaya ne daga Alhaji, saura 32 hasashe ne. To yaya Hajiya za ta gane mijinta?

Na ce wa saurayin ya kira wanda ya ɗauki hoton, ya sake turo shi ta Document, wato a matsayin takarda, domin ta nan WhatsApp ba ya taɓa shi. Akwai kuma maɓallin HD da aka ƙara a 2023, ya fi na kullum, amma shi ma yana matsewa. Asalin ya iso, fuska ta tashi daga 70 zuwa 175. An samu ci gaba, yanzu ɗigo ɗaya cikin biyar na gaskiya ne, inuwar tsagar ma ta fara bayyana a kunci ɗaya. Ni dai a aikina, in fuska ba ta kai ɗigo 200 ba nakan gaya wa mai ita tun farko cewa kama za ta yi wuya, daga 350 zuwa sama kuwa hankalina kwance yake. Kuma kar a yaudari kai da manhajojin da ke cewa suna gyara tsohon hoto ya fito tas. Su ma ƙagen suke yi. In ka bi ta kansu kafin zane, ka yi ƙage sau biyu ke nan, na biyu a kan na farko. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ka ja hoton da yatsu biyu har ido ɗaya ya cika rabin fuskar wayar. In kana iya raba baƙin ido da fari, kana ganin gefen fatar ido, hoton zai yi. In tabo kawai kake gani mai murabba'i-murabba'i, ka nemi wani.

Ko da ɗigon sun isa, wannan hoto na salla yana da wata cuta da ta fi ta farko, ita ce haske. An ɗauke shi da rana tsaka, bayan an taso daga idi an gama gaishe-gaishe. Damagaram tana wajen digiri 14 ne arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa daga Afrilu zuwa Agusta rana tsaka kusan a tsakar ka take. Hasken da ya sauko daga sama yana sauka a goshi da doron hanci, ramin ido kuwa ya cika da inuwa. In mutum na sanye da rawani ko hula mai tudu, inuwar ta ƙara saukowa. Ga kuma abin da ya shafe mu musamman, mu masu duhun fata da son fararen kaya. Kyamara na auna hasken hoton gaba ɗaya ta zaɓi matsakaici. Mutum goma sha ɗaya cikin farar shadda mai ƙyalli a rana, ga farin sama a baya, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, don kar rigunan su ƙone. Rigunan su fito da aikinsu tsaf, fuskokin su nutse.

A hoton waya na kullum, haske daga baƙi ƙirin zuwa fari fat mataki 256 ne, daga 0 zuwa 255. Da na auna fuskar Alhaji, kusan dukkanta tana tsakanin 15 da 45. Duk abin da ya sa shi ya zama shi, ƙashin kunci, ramin gefen hanci, tattarar goshi, an cusa shi cikin mataki talatin. Ana iya ɗaga hasken a kwamfuta, na kuma gwada, amma abin da ke tashi tare da shi yashi-yashi ne mai launin kore da shunayya, manhajar zane kuwa ta ɗauke shi a matsayin tabon fata ko ta share shi duka tare da tsagar. Wani abin da na sha gani, in fuska ta yi duhu haka, manhajar takan haskaka ta da kanta ta hanyar sauya launin fatar, mutum baƙi ya fito wankan tarwaɗa. Mutane kan zargi manhajar, kuma tana da nata laifin, amma hoto mai duhu shi ke buɗe mata ƙofa.

Saurayin ya ce akwai wani hoton, na kusa, jikan Alhaji ya ɗauka da kyamarar gaba suna zaune da dare. Nan fuska ta cika hoton, ɗigo sun fi 600. A lissafi ya wuce. Amma da na kalla sai na ga fata sumul kamar ta jariri. Abu biyu ne suka haɗu. Hasken ƙwan lantarki ɗaya bai isa ba, don haka wayar ta goge yashin da duhu ke kawowa, ta goge har da laushi da kaushin fata. Sannan wayoyi da yawa suna zuwa da gyaran fuska a kunne a kyamarar gaba, wanda aikinsa ke nan share ƙuraje da tabo, kuma bai san bambancin tabo da tsagar gado ba. Ɗigo 600 ne, amma babu komai a cikinsu.

Ga kuma hanci. Hoton da mutum ya ɗauki kansa, wayar na wajen santimita 30 daga fuska. Kunne yana bayan tsinin hanci da kimanin santimita 12. To hanci na nesa da santimita 30, kunne na nesa da 42, bambancin kashi 40 cikin ɗari, abin da ya fi kusa kuwa shi ya fi girma. Sai hanci ya kumbura, kunnuwa su maƙale baya, fuska ta tsuke. Wani bincike da likitocin gyaran fuska suka wallafa a Amurka a 2018 ya lissafa cewa daga santimita 30 hanci kan fito da ƙarin girma na kusan kashi 30 cikin ɗari, daga mita ɗaya da rabi kuwa kusan daidai yake fitowa. Mu da muka saba da irin waɗannan hotuna idonmu ya daina lura. Salon zane kuwa, musamman na katun, aikinsa ƙara wa abin da ya fito gishiri ne. Ya samu babban hanci, zai ba ka wanda ya fi shi.

Tunda Alhaji yana raye kuma cikin ƙoshin lafiya, na ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, mu je mu ɗauki sabo. Washegari da hantsi muka shiga Birni. Alhaji da kansa ya ce a ɗauke shi a gaban gidan, inda bangon ke da zanen magina mai launi, irin wanda baƙi ke zuwa gari don su gani. Na ce, "Ranka ya daɗe, bangon nan ya fi ƙarfin aikinmu." Manhaja ba ta san wanda ya biya kuɗi ba. Duk inda ta ga layi mai ƙarfi da launi mai kaifi nan take zuba ƙoƙarinta, sai ka ga lanƙwasar dagi ta shige cikin naɗin rawani, ko aikin hula ya narke cikin na bango. Abin da ake nema a baya shi ne wuri mai launi ɗaya wanda ya bambanta da gefen mutum ko'ina. Farin rawani a gaban farin sama ba shi da iyaka, kai zai fito kamar an gutsure shi. Baƙin hijabi a ƙofar ɗaki mai duhu ma haka. In ana son bangon a zanen, a ɗauke shi daban a haɗa daga baya, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gida ma na ƙi, duk da akwai inuwa. Hasken da ke ratsa ganye yana sauka a fuska dabbare-dabbare, zane kuwa ya mayar da shi tabo na dindindin.

Zaure muka shiga. Na sa aka ajiye kujera taku biyu daga bakin ƙofa, inda rana ba ta taɓawa amma hasken waje na shigowa da faɗi. Ƙofar zaure a wannan lokaci ta fi fitilar situdiyo da yawa, domin haske ne mai faɗi, mai taushi, daga gefe ɗaya. Na juya Alhaji yadda ƙofar ke gabansa ta hagu-hagu, ba a bayansa ba, ba kuma tsaye a fuskarsa ba. Hasken da ya zo ta gefe shi ke sa kowace tsaga ta yi ƴar inuwarta, shi ke fito da ƙashin kunci. Hasken da ya daki fuska ta gaba, irin na filashin waya, shafe su yake yi, ya bar ƙyalli a goshi. Kuncin dama ya ɗan yi duhu, sai na sa wani yaro ya riƙe farin mayafi a wannan gefen, ya mayar da haske. Na duba idanunsa na ga ɗan ƙyallin ƙofa a cikin kowanne, alamar haske ya shiga ramin ido ke nan. Lokacin hunturu, ranar da hazo ya rufe gari, ana samun irin wannan taushin ko a tsakar gida, sai dai launin kan ja zuwa toka-toka.

Bangon zauren jar ƙasa ne, kusa da launin fatarsa, abin da zai iya haɗe kunci da bango. Shi ya sa muka janye kujerar fiye da mita ɗaya daga bangon, sai ya yi duhu ya dushe, fuskar da farin rawanin suka fita.

Da saurayin ya karɓi waya zai ɗauka, sai ya durƙusa har ƙasa a gaban mahaifinsa, kamar yadda tarbiyya ta koya masa. Na lura rabin hotunan dattawa da ake kawo mana daga ƙasa aka ɗauke su saboda wannan ladabi, ƙofofin hanci a buɗe, gemu ya yi faɗi, goshi ya tsuke. Maganin ba sai an tsaya wa babba a ka ba. Shi yana kan kujera, kai kana tsugune a kan gwiwa ɗaya, ka ɗaga wayar har ta yi daidai da idonsa. Na roƙi Alhaji ya ɗan karkata fuska kaɗan, yadda idanu biyu ke fita sosai amma hanci ya samu gefe. Ya cire tabarau, domin gilashin na ɗauko hoton ƙofa ya rufe ido, ya kuma sassauta amawali ƙasa da haɓa, tunda abin da aka rufe manhaja ƙirƙiro shi za ta yi.

Nisa ne ya ɗan ja mu gardama da kaina, domin abu biyun da na faɗa suna karo da juna. In ka matsa baya hanci ya daidaita, amma ɗigon fuska su ragu. Babbar kyamarar baya ta yawancin wayoyi, in ka riƙe ta a tsaye, faɗin abin da take gani kusan daidai yake da nisanka. Daga mita 2 tana ganin faɗin mita 2, ɗigo 3000 a kan santimita 200, wato 15 a kowace santimita, fuska ta samu 225 kacal. Daga mita ɗaya da santimita 20 kuwa, 25 ne a kowace santimita, fuska ta samu 375, bambancin hanci da kunne kuma ya sauko zuwa kashi 10. Nan muka tsaya. Wanda wayarsa ke da kyamara ta biyu mai jawo nesa ta gaske, ko zaɓin megafiksel 50, zai iya komawa mita ɗaya da rabi ko biyu ya more duka biyun. Jawowa da yatsu kuwa a mafi yawan wayoyi yanka ne kawai, ba ya ƙara ɗigo ko ɗaya.

Muka goge gilashin kyamara da gefen riga, abin da ƙurar garin nan ta wajabta, muka kashe gyaran fuska, aka taɓa fuskar Alhaji a allon waya don ta auna haske daga nan ba daga rawani ba. Rawanin ya ɗan ƙone a gefen ƙofa, ban damu ba, naɗin rawani kowace manhaja ta iya shi. Muka ɗauki takwas, na zaɓi wanda gashin girarsa ke ƙirguwa. A wannan hoton kowane ɗigo bai kai rabin milimita ba, tsaga ɗaya ta samu ɗigo huɗu zuwa biyar a faɗi.

Ba kowa ke da wannan sa'ar ba. Da yawa masu zuwa hoton mamaci suke kawowa, sau tari ƙaramin hoton katin ɗan ƙasa ne ko na fasfo, santimita 3.5 a 4.5. Kar a raina shi. An ɗauke shi daga gaba, daga nesa daidai, bango fari, fuska ta cika shi. In takardar asali ce aka sa a na'urar sikana a kan 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, ana samun wajen 830 a 1060, ya fi hoton taro da ya zaga wayoyi goma. Rauninsa hasken gaba ne da ya shafe fuska, don haka salon fensir mai layi ya fi karɓarsa a kan fentin mai, wanda ke rayuwa da inuwa. Hoton matar aure ko na yarinya kuwa, ba na saka shi a manhajar da ke aiki ta intanet sai mai shi ya sani, domin hoton barin wayar yake yi ya tafi wata na'ura a wata ƙasa.

Da muka koma shago, manhajar da saurayin ya yi amfani da ita tun farko na buɗe, salon ma shi ne, sai dai na rage ƙarfinsa zuwa wajen rabi, tunda yawan ƙarfi na sa ta saki hoton ta bi ra'ayinta. Zanen ya fito 1024 a dogon gefe, wanda a takardar santimita 40 bai fi ɗigo 65 a inci ba, don haka na ƙara masa girma zuwa wajen 1800 a 2400 kafin bugu. Ƙara girma a wannan mataki ba ya cutarwa kamar a farko, kamannin sun riga sun zauna, layi da launi kawai ake faɗaɗawa. Tsagar kuncin hagu ta fito duka. Ta dama, gefen da mayafi ya haska, biyu sun haɗe sun zama ɗaya, na raba su da hannu ina duban hoton zaure. Saurayin ya tura wa Hajiya kafin mu buga. Ta aiko da saƙon murya cewa shi ne, har da yadda yake ɗage gira ɗaya in an faɗa masa farashin da bai yarda da shi ba, amma a gaya wa mai shagon rawanin ya karkace.